Idan lambar ma'aunin pH ta ƙi tsayawa

A gidajen fiya wata, da masana'antun yogot, da gonakin kifi, da majemun zamani na Challawa da Sharaɗa a Kano, akwai wata 'yar na'ura da ake tsoma wa sanda a cikin ruwa ta nuna lamba. Lambar ita ce pH, wato ma'aunin tsami. Idan ta yi ƙasa da 7, ruwan ya karkata ga tsami, irin na lemun tsami ko tsamiya. Idan ta haura 7, ya karkata ga ɓangaren kanwa da toka. Ƙa'idar ruwan sha a Najeriya ta ce ya kasance tsakanin 6.5 da 8.5, don haka mai gidan ruwa bai isa ya yi wasa da ita ba. Mai yogot kuwa da ita yake sanin lokacin da madararsa ta kama, domin a wajen 4.6 ne take daskarewa.

Ƙorafin da aka fi ji daga masu aiki da na'urar guda ɗaya ne: lamba ba ta tsayawa. A tsoma sanda ta nuna 7.2, kafin a ɗauko biro ta koma 7.0, bayan minti biyar tana 6.6 kuma ba ta da niyyar tsayawa. Daga nan sai a fara zargi. Wani ya ce mitar ce jabu, wani ya ce wutar janareta ce, oga kuma ya ce a sayo sabuwa. Alhali na'urar da kanta tana iya nuna inda ciwon yake, in dai an san tambayar da za a yi mata. Tambayar kuwa ba a lambar pH ake yin ta ba, a wata lamba ce da ke ɓoye a bayanta.

Abin da sandar take aunawa a zahiri

Sandar, wadda ma'aikatan ɗakin gwaji ke kira elektirod, ba ta san wani abu wai shi pH ba. Ƙarfin lantarki take fitarwa, ɗan mitsitsi, wanda ake ƙirgawa da milibolt, wato kashi ɗaya cikin dubu na bolt. Mitar ce take juya wannan ƙarfi ya zama lambar da muke gani.

A ƙarshen sandar akwai ɗan ƙwai na gilashi mai siririn bango. Gilashin na musamman ne: idan ya jiƙa, fatarsa ta waje takan yi wani laushi da ido ba ya gani, kuma a wannan fata ne tsamin ruwa ke haifar da ƙarfin lantarki. Shi ya sa busasshiyar sanda ba ta aiki yadda ya kamata. To amma ƙarfin lantarki ba ya aunuwa da waya ɗaya, dole sai da abin da za a gwada shi da shi. Saboda haka a cikin jikin sandar akwai sashe na biyu, madogara, wanda aka cika da ruwan gishirin fotashiyam kulorayid, wanda ake rubutawa KCl a jikin kwalba. Aikin madogara shi ne ta tsaya cik ba canji, kowane irin ruwa aka shiga. Tana haɗuwa da ruwan da ake aunawa ta wata 'yar kafa da ke gefen sandar kusa da ƙwan gilashin, wadda galibi aka toshe da ɗan farin tangaran mai tsatsafo. Ta nan ruwan gishirin ke tsiyayowa a hankali. A riƙe wannan kafa a rai, domin mafi yawan rikicin da ake ɗora wa gilashi da mita, a wurinta yake.

Dokar da ke haɗa milibolt da pH tsohuwa ce, daga lissafin Walther Nernst, masanin kimiyya ɗan Jamus. Cikakkiyar sanda, a zafin digiri 25 na Salshiyos, tana ba da sifili a pH 7, sannan duk taki ɗaya na pH da aka sauka ko aka hau, ƙarfin ya canza da milibolt 59.16. Wajen tsami lambar tana zuwa da alamar tarawa, wajen kanwa da alamar ɗebewa. Ke nan a pH 4 ana sa ran kusan +177, a pH 10 kuma kusan −177.

Babu sandar da take cikakkiya, ko da yau aka ɓare ta daga kwali. Tana kaucewa ta hanya biyu, kamar sikelin mai nama. Sikeli yana iya nuna giram hamsin tun ba a ɗora masa komai ba. Wannan kuskuren mafari ne. Yana kuma iya farawa daga sifili daidai, amma a ɗora kilo guda ya nuna giram ɗari tara. Wannan kuskuren taki ne, kuma yana ƙaruwa da yawan kayan da aka ɗora. A jikin mita, na farko shi ne `Offset`, na biyu kuma `Slope`, wanda a baki ake cewa silof. Saiti ba komai ba ne illa auna waɗannan kurakurai biyu domin mitar ta riƙa cike su a lissafinta. Saiti ba ya gyara sanda. Yana gaya wa mita iyakar lalacewar da sandar ta yi ne kawai.

Yadda ake saitin

Ana saiti da ruwan bafa, wato ruwan da aka haɗa musamman domin pH ɗinsa ya tsaya wuri ɗaya. Waɗanda aka fi sani su ne 4.01 da 7.00 da 10.01, kuma kamfanoni da yawa kan rina su ja da rawaya da shuɗi don kada a rikita. Akwai kuma wani jeri na daban, 4.01 da 6.86 da 9.18, wanda shi ne ya fi zuwa a matsayin gari cikin 'yan ƙananan ledoji tare da mitoci masu araha, a narka kowace leda a mililita 250 na tataccen ruwa. Nan ne tarko na farko. Idan mitar tana jiran 7.00 aka ba ta 6.86, za ta iya karɓa ba musu, kuma daga ranar duk abin da ta auna kusa da 7 ya ƙaru da kimanin 0.14. A duba cikin jerin zaɓin mitar a tabbatar da irin bafar da take tsammani kafin a taɓa maɓallin `CAL`.

A zuba bafa kaɗan a ƙaramin kofi mai tsabta, gwargwadon abin da zai rufe ƙwan gilashi da 'yar kafar nan. Ba a tsoma sanda cikin uwar kwalba, ba a kuma mayar da ragowa ciki, duk da na san tsadar bafa kan sa hannu ya yi nauyi wajen zubarwa. Idan sandar irin wadda ake ƙara wa ruwan gishiri ce, za a ga 'yar huda a samanta da murfin roba. A buɗe ta duk lokacin awo, kuma ruwan cikin sandar ya ɗara saman ruwan da ake aunawa tsawo, da kamar santimita biyu, domin gishirin ya riƙa fita maimakon ruwan waje ya shiga.

A ɗauraye sandar da tataccen ruwa, a ɗan dangwala tishu a ƙarshenta ya tsotse ɗigon da ya rage. Dangwalawa, ban da gogewa. Gugar gilashin tana tara masa lantarki irin wanda ke sa mayafi ƙyas-ƙyas da hunturu, kuma lambar za ta yi ta yawo na mintuna kafin ya sauka. Sai a fara da bafar 7, a juya ta a hankali, a jira lamba ta natsu, a tabbatar. A sake ɗaurayewa, a shiga ta biyu. Wace ce ta biyu? Wadda za ta sa abin da za a auna ya faɗo tsakani. Mai yogot 7 da 4 yake bukata. Mai auna ruwan toka na jima 7 da 10. Mai ruwan sha, da yake lambarsa tana iya faɗawa kowane gefe na 7, gara ya yi duka ukun.

Wanda ya yi saiti da 7 da 4 kawai, yana da kyau bayan ya gama ya auna bafa ta uku kamar wani ruwa da bai sani ba. Idan ta fito kusa da abin da aka rubuta a kwalba, da bambancin da bai wuce 0.05 ba, aiki ya yi. Sai dai a yi hattara da bafar 10. Ita ce mai saurin lalacewa, domin tana shan iskar kabon dayoksaid daga sarari, lambarta ta riƙa sauka. Kwalbar da aka buɗe wata da watanni tana iya sa a yanke wa lafiyayyar sanda hukuncin da ba nata ba. Bafar 4 ta fi jurewa, amma ita kuma fumfuna ke kama ta. In an ga zare-zare na yawo a ciki, ta tashi aiki.

Karanta lafiyar sanda daga lambobi biyu

Mitoci da yawa kan nuna silof da kansu bayan saiti, amma ko wadda ba ta nunawa, in dai tana da maɓallin `mV`, mutum zai iya lissafawa da kansa, kuma ni na fi yarda da wannan.

Mu ce a zafin digiri 25 an tsoma sanda a bafar 7.00 ta nuna −8, aka tsoma a 4.01 ta nuna +165. Lamba ta farko ita ce kuskuren mafari. Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu 173 ce, tazarar bafofin kuma 2.99.

```
(165 − (−8)) ÷ (7.00 − 4.01) = 57.86
57.86 ÷ 59.16 × 100 = 97.8%
```

Wannan sanda lafiyarta ƙalau. Abin da masu ƙera sanduna suka fi bayarwa shi ne: kuskuren mafari kada ya wuce milibolt 30 ta kowane gefe, silof kuma ya zauna tsakanin kashi 95 da 105 cikin ɗari. Tsakanin 90 da 95, sandar tana neman wanki ko ta fara tsufa. Idan ta sauka ƙasa da 85 ko 90, gwargwadon ƙa'idar kamfanin, kuma wanki bai ɗaga ta ba, a nemi wata. Silof da ya haura 105 kuwa ba alamar sanda ta fi kyau ba ce. Gilashi ba ya wuce dokar Nernst. Kusan kullum bafa ce ta gurɓata, ko an ba mitar wadda ba ita take jira ba.

Kowace lamba tana nuna wurin da za a duba. Silof da ke raguwa sannu a hankali labarin gilashi ne: ya tsufa, ya bushe, ko wani abu ya lulluɓe shi. Kuskuren mafari da ya yi tsalle kuwa yawanci labarin madogara ne: ruwan gishirinta ya gurɓata ko ya tsinke, ko kafar ta toshe. Milibolt shida kacal daidai yake da 0.1 na pH, talatin kuma rabin taki ne cur. Saboda haka littafin da ake rubuta waɗannan lambobi biyu kullum, tare da zafin ɗaki da daƙiƙun da sandar ta ɗauka kafin ta natsu, ya fi kowace takardar garanti amfani. Sandar da jiya take −8, yau −10, mako mai zuwa −12, tsufa take yi irin na kowa. Wadda jiya take −8 yau ta wayi gari −35, wani abu ya same ta tsakanin jiya da yau, sai a tambayi wanda ya yi aiki da ita.

Akwai lamba ta uku da mita ba ta rubutawa, ita ce saurin amsawa. Lafiyayyar sanda da aka ciro daga bafar 7 aka sa a ta 4 takan natsu cikin rabin minti ko ƙasa da haka. Wadda take jan ƙafa minti biyu ko uku tana da matsala ko da silof ɗinta ya yi kyau a ƙarshe.

Zafin ƙasarmu

Lambar nan 59.16 ta digiri 25 ce, kuma ɗakunan gwajinmu a watan Afrilu ba su san wannan digiri ba. Takin yana ƙaruwa da zafi: 60.15 a digiri 30, sannan 61.14 a digiri 35. Mita mai ma'aunin zafi a haɗe, wadda ke nuna `ATC`, tana gyara wannan da kanta. Wadda ake shigar wa zafi da hannu kuwa, sau da yawa tun ranar da aka sayo ta take kan 25 ba wanda ya taɓa.

Ga abin da hakan ke jawowa. Sandar da ke ba da milibolt 56.2 a kowane taki, in aka gwada ta da 59.16, za ta fito kashi 95, a ce ta ci jarrabawa. Idan kuwa ɗakin yana digiri 35 ne, da 61.14 ya kamata a gwada ta, sai ta fito kashi 92. Zafi ya rufa wa tsufanta asiri. Haka kuma in an yi saiti da sanyin safiya aka zo awo da azahar, bambancin digiri goma zai kawo kuskuren kusan 0.1 a wajen pH 4, ko da yake kusa da 7 ba ya taka kara ya karya.

Su ma bafofin suna motsi da zafi, shi ya sa ake buga ɗan jadawali a jikin kwalba. Ta 10.01 takan sauko wajen 9.92 a digiri 35. Kuma `ATC` sandar kawai yake gyara wa lissafi, ba ya mayar da ruwan da ake aunawa zuwa yadda zai kasance a digiri 25, domin shi ma ruwan pH ɗinsa na gaskiya yana canzawa da zafi. Don haka a rubuta zafi a gefen kowace lamba. Hanya mafi sauƙi ita ce a ajiye bafa da sanda da abin awo wuri ɗaya har zafinsu ya daidaita. Sandar da aka ciro daga ɗaki mai iyakwandishan aka tsoma a ruwan tankin da ya sha rana za ta yi ta tafiya na mintuna, ba don ta lalace ba, sai don cikinta bai gama ɗaukar zafin ba.

Bin sawun lambar da ke yawo

Mu ɗauki misalin wani gidan fiya wata mai injin tace ruwa na matsi, irin wanda ke cire kusan duk gishirin da ke cikin ruwan burtsatse. Ma'aikaciyar ɗakin gwaji ta yi saiti da safe, ta tsoma sanda a ruwan da aka tace. Lamba ta fara daga 7.1, tana sauka a hankali, bayan minti goma tana 6.5 ba ta tsaya ba. In ta juya kofin sai lambar ta yi tsalle, in ta bari ta koma wani wuri. Oga ya leƙo ya ce, "Malama, rubuta ta farkon mana, ai ita ce ta gaskiya kafin abin ya fara haukansa." Ta ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni rabin awa tukuna."

Matakin farko shi ne a raba gardama tsakanin sanda da ruwa. Ta mayar da mitar kan `mV`, ta koma bafar 7. Lamba ta tsaya a −11 cikin daƙiƙa ashirin, ta zauna daram. A bafar 4 ta ba da +163. Ɗakin yana digiri 30, lissafi ya ba da silof na kashi 97. Wannan ya wanke gilashin, ya wanke waya da mita. Da a cikin bafar ma lambar tana yawo, da sai a bi wata hanya, wadda za mu zo kanta.

Sai dai natsuwa a cikin bafa ba ta wanke 'yar kafar madogara ba, kuma nan ne mutane da yawa ke ɓacewa. Bafa cike take da gishiri, lantarki yana ratsa ta cikin sauƙi, don haka ko kafar ta toshe rabi, ba za a gane ba. Ruwan da aka tace ƙwarai kuwa kusan babu abin da ke ɗaukar lantarki a cikinsa, sai ƙaramar toshewa ta zama babbar matsala. Alamarta ita ce wadda ma'aikaciyar ta riga ta gani: lamba tana canzawa sosai tsakanin juyawa da bari. Da ta duba sandar da kyau, sai ta ga murfin hudar sama a rufe, ruwan gishirin ya sauka ƙasa da rabi, farin tangaran ɗin kuma ya yi duhu. Da ta tambaya, sai aka ce mai aikin dare a cikin tataccen ruwa yake kwanar da sandar, wai don ta fi tsabta.

Wannan ɗabi'a tana kashe sanduna fiye da faɗuwa ƙasa. Tataccen ruwa yana zuƙe gishirin madogara ta cikin kafar, ya tsinka abin da ya rage. Da shi ake ɗauraya, amma ba a ajiya a cikinsa. Wurin kwanan sanda shi ne ruwan ajiya na musamman, ko ruwan KCl mai ƙarfin mola 3, wato kimanin giram 224 a lita guda. In babu, bafar 4 tana iya riƙe ta na ɗan lokaci.

Ta zuƙe tsohon ruwan gishirin da sirinji, ta zuba sabo, ta jiƙa ƙarshen sandar a ruwan KCl mai ɗumi, ta bar shi ya huce da ita a ciki, ta sake saiti da hudar a buɗe. Sannan ta canza yadda take ɗibar ruwan. Ta ɗauraye sandar sau da yawa da ruwan da za a auna, ta cika kwalba mai ƙaramin baki har wuya don rage haɗuwa da iska, ta tsoma ba tare da kaɗawa da ƙarfi ba. Cikin minti biyu lamba ta tsaya a 6.2.

Ashe lambar da ta yi ta sauka ɗazu hanyar gaskiya ta nufa, tafiyar ce kawai ta yi mata nauyi. Ita kuwa 7.1 ɗin da oga ya so a rubuta, ragowar bafar 7 ce da ta maƙale a jikin sanda. Ruwan da babu gishiri a cikinsa ba shi da ƙarfin kare pH ɗinsa, ɗigo guda na bafa ya isa ya ja ƙaramin kofi zuwa 7. Kuma 6.2 ba abin mamaki ba ne a irin wannan inji, domin yana tare gishirin da ke kashe tsami amma iskar kabon dayoksaid tana ratsa shi ta wuce. Gyaran yana wajen injin, ta hanyar bi da ruwan cikin matatar dutsen alli ya ɗan ɗauko ma'adini, ba a ɗakin gwaji ba.

Wani lokaci ma ruwan ne da kansa yake canzawa a cikin kofi, sandar tana ba da rahoto ne kawai. Ruwan burtsatse da aka ɗebo yanzu yakan zo da iskar kabon dayoksaid mai yawa daga ƙarƙashin ƙasa. Yana zaune a buɗe iskar tana fita, pH yana hawa. Shi ya sa ake auna shi a bakin famfo, ba bayan ya yini a jarka a bayan mota ba. Tataccen ruwan ɗakin gwaji kuma akasin haka yake yi: yana shan iskar daga sarari ya gangara har wajen 5.6. Wanda ya tsoma sanda a cikinsa yana jiran ya ga 7 don ya gwada mitarsa, zai daɗe yana jira.

Idan a cikin bafar ma ba ta natsu ba

Nan laifin ya koma kan kayan aiki, kuma yanayin motsin lambar yana faɗin abubuwa da yawa. Lambar da ke tsalle sama da ƙasa ba tsari, musamman in an matso da hannu ko an taɓa waya, matsalar lantarki ce. Ƙwan gilashin yana da tsananin hana lantarki wucewa, abin da ke fitowa daga cikinsa ɗan kaɗan ne ƙwarai, don haka laima ko ƙura a bakin mahaɗin waya ta isa ta rikita komai. Da damina a duba nan da farko. A kuma ɗaga sandar a haske a duba ko kumfar iska ta maƙale a cikin ƙwan. In akwai, a yarfa ta ƙasa a hankali ta haura. Idan ana zargin wutar gidan ce, a cire mitar daga soket a gwada ta da batir. Don a wanke mitar kanta, a cire sandar a sa 'yar hular gwaji da wasu mitoci ke zuwa da ita, wadda ke haɗe bakin biyu na mahaɗin: lafiyayyar mita za ta nuna sifili ko dab da shi a `mV`, ta tsaya cik.

Lambar da ke rarrafe gefe guda a hankali kuwa datti ne ko bushewa. Wankin ya danganta da abin da sandar ta saba shiga. Mai auna madara da yogot, furotin ne ke lulluɓe masa gilashi da kafa, maganinsa ruwan wanki mai sinadarin fefsin a cikin asid mai rauni. Maiƙo yana fita da ruwan ɗumi da ɗan sabulun ruwa. Ɓawon ma'adini yana narkewa a asid haidirokulorik mai ƙarfin mola 0.1 cikin kamar rabin awa. A majema, inda ake zubar da gashin fata da sinadarin salfaid, kafar takan yi baƙi ƙirin saboda salfaid ɗin ya haɗu da azurfar da ke cikin madogara. Wannan sai ruwan wanki mai tayoyuriya, kuma gara tun farko a sayi sanda mai kafa biyu, wadda aka yi don irin wannan aiki. Bayan kowane wanki a ɗauraye, a jiƙa sandar a ruwan ajiya na awa guda ko fiye, sannan a sake saiti. Wadda ta bushe a cikin durowa kuma a bar ta ta kwana a ruwan ajiya kafin a yanke mata hukunci.

Akwai kuma sandar da ba ta yawo ko kaɗan, kuma ta fi duk sauran haɗari. A bafar 7 ta nuna lamba, a bafar 4 ta nuna kusan ita ɗin dai, a ruwan lemun tsami ma haka. Gilashin ya tsage, ko da ido bai gani ba, ko kuma waya ta haɗe a ciki. Da yake lambar da take maƙalewa a kai takan faɗo kusa da 7, gidan ruwan da ba ya saiti zai iya wata guda yana rubuta sakamako mai kyau da matacciyar sanda. Wannan ba ta da gyara.

Ko an kula da ita yadda ya kamata, sanda kayan ƙarewa ce. A aikin yau da kullum takan yi shekara ɗaya zuwa biyu, zafi kuma yana rage mata kwana, har wadda ke ajiye a kwali ba a taɓa ba tana tsufa. Saboda haka ba dabara ba ce a sayi guda biyar a jibge a sito. A sayi ɗaya ta ajiya, a duba ranar da aka ƙera ta, a kuma tabbatar hular bakinta da sauran ruwa a ciki kafin a biya kuɗi. Farin gishirin da kan taru a gefen hular ba aibu ba ne, KCl ne ya bushe, ruwa yana wanke shi.